Yadda ake tsara maganar nuna manhaja ga manajan da ya ba ka minti biyar kacal

Idan manaja ya ce maka "minti biyar gare ka, ina da wani zama," to minti biyar ɗin yake nufi. In ka yi sa'a, a minti na uku ne wayarsa za ta fara ƙara. Na taɓa shiga irin wannan ganawa da shirin da nake taƙama da shi: na fara da tarihin kamfaninmu, na wuce zuwa shafin shiga manhaja, na buga kalmar sirri, na soma bayanin maɓallan gefen hagu ɗaya bayan ɗaya. Ban kai ga abin da ya kawo ni ba mutumin ya ce, "To madalla, turo min da bayanin ta waya." Duk mai wannan sana'a ya san ma'anar wannan jimla. Sallama ce cikin mutunci.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da na koma bi tun daga ranar. Zan ɗora shi a kan misali guda domin a ga komai a aikace: kana sayar da manhajar lissafin kaya da bashi, wanda za ka nuna wa kuma manajan wani dilan kayan masarufi ne irin na Kasuwar Singa a Kano, mai sito ɗaya da shaguna uku, yana ba ƙananan 'yan kasuwa kaya bashi. Ganawar ta bidiyo ce, yana kallon fuskar kwamfutarka daga wayarsa. Alƙaluman da za ka gani duk na misali ne, naka za su bambanta.

Mataki na farko: nemo ciwon guda ɗaya kafin ranar

Ba a rubuta kalma ko ɗaya sai an san abin da ke hana manajan barci. Manhajarka tana iya yin abu talatin, amma minti biyar abu ɗaya yake ɗauka. Shi kuwa wannan abu ɗaya ba a gaban manaja ake lalubensa ba, domin in ka ɓata minti biyu kana tambayar "mene ne matsalolinku," rabin lokacinka ya tafi.

Ka nemi wanda ya haɗa ka da shi, galibi akanta ne ko mai kula da sito, ka yi masa tambayoyi uku a waya kwana ɗaya ko biyu kafin ganawar. Wane abu ne Alhaji ya fi yi muku faɗa a kai? Yanzu da me kuke yin wannan aikin, littafi ko `Excel`? In ya tambayi wannan lissafin, sai bayan yaushe yake samun amsa? A misalinmu akanta ya ce: bashi. Kowane shago da littafinsa, sai ƙarshen wata ake tattarawa, kuma sau da yawa sai an tattara ake gano cewa wani kwastoma ya ci bashi a shago na ɗaya, ya zagaya ya sake ɗaukar kaya a shago na uku.

Ka rubuta maganar akantan kamar yadda ya faɗe ta. Idan ya ce "ana zagaye mu," to kai ma "zagaye" za ka ce a gaban manaja. Kada ka mayar da ita yaren 'yan kwamfuta. Mutum ya fi saurin yarda cewa ka fahimce shi idan ya ji kalmar gidansa a bakinka.

Wata tambaya da ake yawan mantawa: shi manajan ne ke sa hannu a biya, ko akwai mai dukiya a bayansa? A kasuwanninmu sau da yawa manaja ɗa ne ko ƙane ko amintaccen yaron gida. In haka ne, abin da za ka roƙa a ƙarshen ganawar zai canza, za mu zo wurin.

Mataki na biyu: gyara abin da zai gani

Manhajar gwaji da babu komai a cikinta ba ta sayar da kanta. Haka ma wadda aka cika da sunaye irin `Test Customer 1` da kaya irin `Item A`. Ka zauna ka zuba bayanan da suka yi kama da kasuwancinsa: katan na taliya, buhun sukari, jarkar mai, farashi na kusa da na kasuwa a wannan makon, shaguna uku kamar nasa. Sunayen kwastomomi ka ƙirƙire su. Kada ka kuskura ka buɗe asusun wani ɗan kasuwa na gaske domin ka burge wannan. Ban da cewa dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana nan, manajan da ya ga bashin maƙwabcinsa a fuskar kwamfutarka ya riga ya san cewa gobe nasa za ka nuna wa wani.

Sannan ka shirya kwastoma guda na musamman, domin a kansa wasan zai gudana. Iyakar bashin da aka yarje masa naira 500,000. Ana binsa 460,000. Katan ɗin taliya ka sa shi a 12,000. Da gangan aka zaɓi waɗannan alƙaluma: in aka ƙara masa katan 10, wato 120,000, jimilla ta zama 580,000, ya haura iyaka da 80,000. Lissafi ne da ɗan kasuwa zai yi da ka kafin ka rufe baki, kuma haka ake so.

Sauran shirin gajere ne. Ka shiga manhajar tun kafin kiran, ka buɗe shafuka biyun da za ka nuna a jere, ka kashe duk wata sanarwa da za ta iya faɗowa. Ka ƙara girman rubutu zuwa kashi 150 cikin ɗari, tunda a waya yake kallo, abin da kake gani sarai shi kamar tururuwa yake ganinsa. Ka tanadi layin data na biyu da hotuna uku na shafukan a wayarka saboda ranar da sabis zai ci amana. Wajen sa lokaci kuma ka kauce wa dab da azahar da la'asar, da safiyar Litinin da ake sauke kaya, da Juma'a baki ɗaya in da hali.

Mataki na uku: raba minti biyar ɗin

Mutum mai magana a natse yana furta kalmomi kusan 120 zuwa 140 a minti. Ke nan minti biyar bai wuce kalmomi 700 ba, in kai kaɗai za ka yi ta zuba. Amma akwai danne-danne, akwai jiran shafi ya buɗe, akwai maganar shi manajan wadda ta fi taka muhimmanci. Saboda haka rubutunka kada ya wuce kalmomi 350. In ya wuce, yanke.

Ga rabon da nake yi: daƙiƙa 30 na gaisuwa da tabbatar da ciwon, minti ɗaya na nuna sakamako, minti ɗaya da daƙiƙa 45 na nuna yadda ake kaiwa ga sakamakon, daƙiƙa 45 nasa ne ya yi magana, minti na ƙarshe na farashi da sa rana.

Daƙiƙa 30 na farko

Ba a tsallake gaisuwa don ana sauri, amma ba a zarcewa har a kai ga tambayar iyali da mutanen gida. Ga yadda nake buɗewa:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe, barka da war haka. Ya kasuwa? Na gode da lokacin da aka ba ni, minti biyar ne ba zan wuce ba. Akanta ya shaida min cewa sai ƙarshen wata ake sanin jimillar bashin da ke waje, kuma akwai masu zagaye ku daga wannan shago zuwa wancan. Haka abin yake, ko akwai wanda ya fi shi damun ku?"

Sai ka yi shiru. Wannan tambayar ita ce mabuɗin ganawar. In ya ce "haka ne," ya amsa da bakinsa cewa akwai ciwo, duk abin da za ka nuna daga nan magani ne. In kuwa ya ce "a'a, ni kayan da ke ɓacewa a sito ne damuwata," ka gode wa Allah da ka ji tun a daƙiƙa 30, ka juya zuwa shafin sito. Shi ya sa nake ajiye shiri na biyu a gefe ko da rabi-rabi ne.

Lura cewa ba a ambaci shekarar da aka kafa kamfaninku ba, ko yawan ma'aikatanku. In yana so zai tambaya.

Minti ɗaya na sakamako

A nan mafi yawan masu nuna manhaja ke yin kuskure, domin suna bin tsarin da aka gina ta: shiga, saita kaya, saita kwastoma, yin ciniki, can a ƙarshe rahoto. Wannan tsarin koyar da kashiya ne. Manaja ba zai taɓa shigar da ciniki da hannunsa ba, rahoton shi ne nasa. To ka fara da shi. Da ma shafin `Debtors` yana buɗe.

"Ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da za ku riƙa gani a wayarku kowace safiya. Wannan adadi na sama, naira miliyan 8.4, shi ne duk bashin da ke waje a shagunan uku, zuwa wannan mintin. Waɗannan da aka yi wa ja, mutum 14, su ne suka wuce kwana 30 ba su biya ba. Ga wannan na farko: shago na ɗaya yana binsa 300,000, shago na uku yana binsa 160,000. A littafi mutum biyu ne. A nan mutum ɗaya ne, 460,000."

Abu uku kawai aka nuna: jimilla, waɗanda suka makara, da mutum guda. Akwai wasu ginshiƙai da maɓallai a shafin, ka bar su. Linzaminka ya tsaya cak a kan abin da kake magana a kai, kada ka riƙa kewaya shi kamar mai korar ƙuda, domin a bidiyo hoton yana zuwa a makare, idonsa zai bi linzamin ya bar maganarka. Bayan ka faɗi "460,000" ka ƙirga uku a zuci. Sau da yawa a wannan shirun ne za ka ji ya ce "uhm," ko ya kira wani ya zo ya gani. In ya kira wani, ganawar ta yi kyau.

Minti ɗaya da daƙiƙa 45 na hanya

Yanzu tambayar da ke ransa ita ce: wa zai shigar da duk wannan, kuma yarana za su iya? Amsarta hanya ɗaya ce, ciniki guda daga farko zuwa ƙarshe, da danni da bai wuce biyar ba.

"Bari mu ce mutumin nan ya zo shago na biyu yau, inda ba a binsa komai. Ni ne yaron shago. Na danna `New Sale`, na zaɓi sunansa, taliya katan 10, na zaɓi `Credit`, wato bashi. Ku duba abin da ya faru."

Sai akwatin gargaɗi ya fito: `Credit limit exceeded`. Kada ka karanta masa Turancin, ka faɗi ma'anarsa.

"Ta ƙi. Kun yarje masa 500,000, wannan cinikin zai kai shi 580,000, ya haura da 80,000. Yaron shago ba shi da ikon wucewa nan. Saƙo zai shigo wayarku, ku ne za ku ce a ba shi ko a hana. In mutumin kirki ne kuka ga dama, danni ɗaya ne, kaya su fita. Amma da saninku."

Wannan "da saninku" na daɗe kafin na gano amfaninsa. Da farko ina cewa manhajar tana hana bashi, sai na ga fuskoki suna canzawa. Ɗan kasuwa ba ya son a hana shi ba da bashi, da bashin ake riƙe kwastoma, wani ma tun zamanin mahaifinsa ake hulɗa da shi. Abin da ba ya so shi ne a bayar a bayan idonsa. Ka sayar masa da ikon yanke hukunci, kada ka sayar masa da na'urar da za ta yanke a madadinsa.

Akwai kuma tarko a nan. Kada ka ce "yaranku ba za su ƙara cutar ku ba." Wataƙila yaran 'ya'yan 'yan'uwansa ne, wataƙila akantan da ya shigo da kai yana zaune a gefe yana ji. Ka ɗora laifin a kan littafi, wanda ba ya iya ganin shago uku a lokaci guda.

In lokaci ya rage, ka amince da cinikin ka koma shafin farko ya ga jimilla ta tashi daga miliyan 8.4 zuwa miliyan 8.52. Wannan yana tabbatar masa cewa abin da ya gani ba hoto ba ne.

Daƙiƙa 45 nasa

"Ranka ya daɗe, da a ce wannan na hannunku a watan jiya, da akwai cinikin da ba za ku bari ya wuce ba?"

Kada ka tambaye shi "kun gane?" ko "akwai tambaya?" Na farko raini ne, na biyu kuma "babu" ce amsarsa. Tambayar da ke sama tana sa shi tuno wani mutum takamaimai da wasu kuɗi takamaimai, kuma kuɗin da ya tuno su ne za a auna farashinka da su nan da daƙiƙa kaɗan.

A nan ne kuma tambayoyinsa ke fitowa, kusan kullum guda uku ne. In babu sabis fa? In wayar yaro ta ɓace fa? Wa ke iya ganin lissafina? Ka tanadi amsar kowace a jimla biyu, ta gaskiya. In manhajarku ba ta aiki sai da intanet, faɗi haka. In tana aiki babu sabis ta tura daga baya, to ka sani cewa a wannan tsakanin shago na biyu ba ya ganin bashin da aka ci a shago na ɗaya, wato mai zagaye yana iya zagayewa. Gara ka faɗa da bakinka da ya gano bayan ya biya.

In ya tambayi abin da ke wajen hanya, misali lissafin albashi, kada ka tafi neman shafin. Ka ce, "Tana yi, zan nuna wa akanta ranar da za mu zauna," in har tana yi. In ba ta yi, "Wannan ba ta yi" ta wadatar. Alƙawarin "muna kan ginawa" ya jefa masu sayarwa da yawa cikin rigimar da ba su da ikon kashewa.

Minti na ƙarshe

Masu koyar da wannan sana'a a wasu wurare suna cewa a ɓoye farashi sai zama na gaba. Da ɗan kasuwar da ya saba tambayar "nawa?" kafin ya taɓa kaya, ɓoyewar zargi take jawowa. Ka faɗi adadi guda, a sarari, da abin da ya ƙunsa: kaza a wata na shaguna uku, har da koyar da yara. Kada ka jero masa tsari huɗu ya zaɓa, kai ka zaɓa masa wanda ya dace da shi. Kada kuma ka fara rage kuɗin kafin ya taya. In ya taya, ka ce za a yi maganar bayan gwaji.

Sai roƙon, wanda dole ya zama ƙarami, mai rana da sunan wanda zai yi aikin:

"Ga abin da nake roƙo. A ba ni akanta na awa ɗaya ranar Laraba da hantsi, mu shigar da bashin shago ɗaya kawai daga littafinku. Ku duba shi a wayarku na mako biyu. In bai yi muku ba, littafinku na nan ba a taɓa shi ba. Laraba ta yi, ko Alhamis ta fi?"

Shago ɗaya, awa ɗaya, lokacin wani ba nasa ba. Abu ne da zai iya amsawa nan take ba tare da ya shawarci kowa ba. Idan kuwa ka riga ka san akwai mai dukiya a sama, roƙon ya koma: "In kun ga ya dace, a sa mana rana mu nuna wa Alhaji wannan minti biyar ɗin tare da ku." Kalmar "tare da ku" tana da nauyi, domin manajan da ya ji ana shirin tsallake shi zai kashe maganar tun a ƙofa.

Da minti biyar ya cika, kai ka fara faɗa: "Lokacin da kuka ba ni ya cika, ranka ya daɗe." In ya ce ci gaba, ƙarin nasa ne, kuma alama ce mai kyau. In ya ce "turo min da bayani," kada ka amsa da "to" kawai. Ka ce za ka turo yanzu, sannan ka nemi izinin kiran akanta gobe a kan maganar Laraba. Amsar da ya bayar ga wannan ita ke nuna maka ko da sauran magana.

Idan abu ya lalace a tsakiya

Shafi zai ƙi buɗewa wata rana. Ka ba shi daƙiƙa 10, ba ƙari. Kada ka shiga ba da haƙuri da zagin kamfanin waya, ka ce "bari in turo muku hoton," ka tura hotuna ukun nan ta `WhatsApp`, ka ci gaba da maganarka daidai inda ka tsaya. In kuma aka katse shi da wani kira ya dawo ya ce saura minti biyu, ka jefar da sauran, ka riƙe abu uku kawai: shafin bashi, akwatin gargaɗi, roƙon Laraba.

Yadda ake gane ka rasa shi a bidiyo ba wuya. "Uhm" ɗinsa zai riƙa zuwa a inda bai dace ba, ko ka ji ƙarar takardu, ko ya kashe makirfo. Ƙara sauri ba ya dawo da shi. Tsayawa da jefa masa tambaya mai adadi ita ke dawo da shi: "Ku a wajenku kwana nawa ne bashi ke yi kafin ku ce ya makara, 30 ko 14?"

Maimaitawa kafin ranar

Ka rubuta maganar a takarda mai layi biyu, hagu abin da za ka danna, dama abin da za ka faɗa. Ka karanta da ƙarfi da agogo a gabanka, hannunka na danna manhajar da gaske, domin karatun zuci yana ruɗi, ya kan nuna maka minti uku a abin da zai ci shida. Ka yi sau biyar, ka ɗauki na ƙarshe a waya ka saurara. Duk inda ka ji kanka ka ce "haka kuma tana iya," to ka fita daga hanya, goge jimlar. In ka gama naka ɓangaren a minti huɗu, ka yi daidai, ragowar na manaja ne.

Jimlar buɗewa da jimlar roƙo su kaɗai nake haddacewa kalma da kalma. Tsakiyar ina riƙe alƙaluman ne da jerin danni, saboda wanda ke karantawa daga takarda ana jin sa a murya ko ba a ganin fuskarsa.

Bayan an ajiye waya, cikin awa ɗaya, saƙo ya tafi gare shi da akanta: godiya a layi ɗaya, hoton shafin bashin da ya gani, farashin da aka faɗa, da "Laraba ƙarfe 10 na safe, in Allah ya kai mu, zan zo shago na ɗaya, a ajiye min littafin bashi."